Yadda ake rubuta wa abokin aiki bayanin kurakuran jadawalin sakamakon jarrabawa

Duk ƙarshen zango, takardun maki suna zuwa ofishin akawu a kan takarda, da sa hannun malamin darasi. Wani ya ɗauki hotonsu ko ya yi sikanin, ya mayar da su PDF, daga nan ya juya su zuwa Excel don a haɗa jimla a fitar da matsayi. A wajen wannan juyin ne abubuwa ke ɓaci. Na daɗe ina duba irin waɗannan jadawalai, kuma abin da ya fi ba sabon akawu wahala ba gano kuskuren ba ne, faɗinsa ne. Sai ya rubuta wa abokin aikinsa "Malam, jadawalin nan akwai matsala, a sake dubawa", ya tura. Wanda ya karɓa bai san ina zai duba ba, sai ya sake juya fayil ɗin, kurakuran su dawo yadda suke. Saƙon da ake so shi ne wanda zai kai abokin aikinka gurbin da kuskuren yake, ya ga abin da ke ciki, ya ga abin da takardar asali ta ce, ya kuma san abin da ka taɓa da wanda ka bari.

Kayan da za ka tanada

Na farko takardar asali, wadda malamin darasi ya sa wa hannu. Ita ce alƙali. Idan ba ta hannunka, hoton da aka ɗauka ya wadatar, in dai lambobin suna karantuwa. Sai fayil ɗin da abokin aikinka ya juya, yadda ya turo shi. Sai rajistar ajin, don ka san adadin ɗalibai da lambar kowa. Sai kwamfuta mai Excel. LibreOffice Calc ko Google Sheets ma suna karɓar duk fomulolin da zan kawo. Sai rula, da jan biro, da farar takarda guda da za ka riƙa rubuta abin da ka gano.

Zan riƙa cewa "layi" ga wanda ya kwanta mai lamba, "layin tsaye" ga mai harafi, "gurbi" kuma ga mahaɗarsu, kamar C12. Misalin da za mu bi aji ne mai ɗalibai 48, lambobinsu daga 00401 zuwa 00448, takardar makinsu shafi uku: 18, 18, 12. A fayil ɗin, A lambar ɗalibi ce, B suna, C makin gwaji bisa 40, D makin jarrabawa bisa 60, E kuma jimla, wadda abokin aikin ya haɗa da `=SUM(C2:D2)`.

1. Ka kwafi fayil ɗin kafin ka taɓa komai

Ka ajiye wanda aka turo maka yadda yake, ka yi kwafi da sabon suna, misali `sakamako_gyara_1.xlsx`. Dalilin shi ne duk lambar layin da za ka ambata a saƙonka ta fayil ɗin da ke hannun abokin aikinka ce. Da zarar ka goge layi ɗaya a naka, duk na ƙasa sun matso sama, layi na 41 ya koma na 40. Na taɓa aika saƙo da lambobin layi na fayil ɗin da na riga na gyara. Bawan Allah ya je inda na ce, ya ga komai daidai, ya ɗauka ni ne ban duba da kyau ba. Tun daga ranar nake haɗa lambar layi da lambar ɗalibi a kowane bayani.

2. Ka ƙirga kai

Kafin ka kalli maki, ka gangara ƙasan jadawalin. Kanun yana layi na 1, don haka ɗalibai 48 ya kamata su ƙare a layi na 49. Namu ya ƙare a na 52. Layi uku sun ƙaru, sai an nemo su.

Biyu ba su da wuyar gani: kanun da ke saman shafi na biyu da na uku sun shigo tsakiya, a layi na 20 da na 40. Waɗannan gogewa kawai suke buƙata. Na ukun shi ne mai haɗari. A layi na 39 akwai suna, amma babu lamba, babu maki. Sabon akawu sai ya ce ɗalibin bai rubuta ba, ko ya goge layin. Kada ka yi ko ɗaya. Duk inda ka ga suna shi kaɗai a ƙarshen shafi, ka hau sama kana gwada suna da lamba a rajista har ka kai inda suka rabu. A nan sun rabu ne a layi na 28. Ɗalibi mai lamba 00425, a layi na 27, sunansa dogo ne, a takarda ya karye ya zama layi biyu. Manhajar juyin ta ɗauki guntun sunan a matsayin wani mutum, ta ba shi layi na 28, ta tura sauran sunayen shafin ƙasa da layi ɗaya, lambobi da maki kuwa suka tsaya a inda suke. Ke nan daga 00426 zuwa 00436, ɗalibai 11, makin kowa yana gaban sunan wani.

Wannan kuskure ba ya nuna kansa a lissafi. Jimla daidai take, matsakaicin aji daidai yake, babu wani jan rubutu da zai fito. Sai ranar da aka raba sakamako yaro ya ga makin da ba nasa ba. Shi ya sa nake fara dubawa da shi, kuma shi nake sa wa a sahun farko a saƙo.

3. Ka tambayi kwamfuta abin da take ɗauka lamba

Idonka yana ganin 43, amma kwamfuta tana iya ɗaukarsa rubutu, musamman in wani sarari ya maƙale a gefensa wajen juyi. `SUM` kuwa tsallake rubutu take yi, ba ta faɗa maka. A wani gurbi da babu komai ka rubuta waɗannan biyun:

```
=COUNT(D2:D52)
=COUNTA(D2:D52)
```

Ta farko lambobi kawai take ƙirgawa, ta biyu tana ƙirga duk gurbin da ba fanko ba. A misalinmu ta biyun ta ba da 48, wanda zai iya yaudararka ka ce komai ya cika. Ba haka ba ne: ɗalibai biyu ba su rubuta jarrabawar ba, maki 46 ne ya kamata a samu, kanun nan biyu ne suka cike 48. Ta farkon kuwa 41 ta ba da. Tsakanin 46 da 41 akwai biyar, wato maki biyar rubutu ne.

Don ka gano su, ka sa `=ISTEXT(D2)` a layin tsaye na gefe, ka ja ta ƙasa. Inda ta ce `TRUE`, ban da layin kanu, nan ne. Ko da ido ma ana iya gani, don lamba tana jingina da dama, rubutu da hagu, wani lokaci da ɗan koren tabo a kusurwar gurbin. Amma kada ka dogara da ido, in an daidaita komai a tsakiya alamar ta ɓace. Namu sun fito a D41, D43, D44, D47 da D50. Ɗalibi 00437 yana da 29 da 43, takarda ta ce 72, jadawali ya ce 29. Gyaransu, ka rubuta wannan a gurbi na gefe, sannan ka mayar da lambar da ta fito cikin D, lambar kawai ba fomular ba:

```
=VALUE(TRIM(D41))
```

In ta ƙi, ta ba ka `#VALUE!`, to sararin irin wanda `TRIM` ba ta cirewa ne, sai ka yi `=VALUE(SUBSTITUTE(D41,CHAR(160),""))`. In gurbi biyar ne kawai, gaskiya sake buga su da hannu daga takarda ya fi sauri. Ka dai tabbata tsarin gurbin ba `Text` ba ne kafin ka buga.

4. Ka gwada jimla da jimlar takarda

Wannan matakin ne mai cin lokaci, kuma shi mutane ke gudu. A layin tsaye F ka buga jimlar kowane ɗalibi da hannunka, daga takardar asali, kana bin lambarsa, rula a ƙarƙashin layin da kake karantawa. A G ka sa `=E2-F2`, ka ja ƙasa. Duk inda ba sifiri ba, ka koma takarda ka karanta makin biyu.

Ban da biyar ɗin da muka sani da ɗalibai biyun da ba su rubuta ba, wurare biyu suka fito. A layi na 12, ɗalibi 00411, bambancin shida ne. Takarda ta ce gwaji 17, jarrabawa 38, jimla 55. Jadawali ya ce 11, jimla ta zama 49. Bakwai ɗin malamin ba ta da kai sosai, manhajar ta karanta ta ɗaya. In makin wucewa 50 ne, to an kayar da yaron da ya ci. Irin wannan rikicin ya fi faruwa tsakanin 1 da 7, 3 da 8, 5 da S, sifiri da harafin O.

Na biyun daban ne, kuma a nan nake so ka natsu. A layi na 16, ɗalibi 00415, takarda ta ce 24 da 41, jadawali ma 24 da 41. Juyin bai yi laifi ba. Amma jimlar da malamin ya rubuta 56 ce, alhali 24 da 41 sun ba da 65. Bambancin tara ne, kuma in bambanci ya rabu da tara ba saura, sau da yawa musanya lambobi aka yi, 65 ta zama 56. Sai dai wannan zato ne. Ta yiwu jimlar ce daidai, makin gwajin ne aka rubuta ba daidai ba. Ba kai za ka yanke ba, ba abokin aikinka ba. Malamin darasi ne zai buɗe takardar amsar yaron. Aikin akawu ya mayar da jadawali daidai da takardar asali. In takardar ce ke rikici da kanta, ka yi alama, ka kai wa mai ita.

A wannan matakin ne kuma za ka ci karo da waɗanda ba su rubuta ba. A takarda an ja musu ɗan layi, a juyi gurbin ya zama fanko, `SUM` ta ba su makin gwaji kawai a matsayin jimla. Haka 00408 a layi na 9 da 00442 a layi na 46 suka shiga lissafin matsakaici da na matsayi kamar sun zauna sun faɗi. Kada ka sa musu sifiri, don `AVERAGE` tana tsallake fanko da rubutu amma tana ƙirga sifiri. Ka bi ƙa'idar makarantarku. In ba ka san ta ba, wannan ma tambaya ce ga jami'in jarrabawa.

In takardar ba ta da jimla, babu abin da za ka gwada da shi, sai karatun mutum biyu: ɗaya na karanta takarda da ƙarfi, ɗaya na bin allon kwamfuta. In kai kaɗai ne, ka buga jadawalin a firinta, ka jera shi gefen asali, ka bi layi-layi da rula. Ka kuma sani gwajin jimla ba ya kama kuskure biyu da suka cinye juna a layi guda, kuma ba ya kama zamewar suna.

5. Ka duba lambobin ɗalibai

Excel tana zubar da sifirin gaba, 00401 ta koma 401. Ba ya taɓa maki, amma ranar da za a haɗa wannan jadawali da rajista ko a ɗora shi a manhajar makaranta, lambobin ba za su gane juna ba. In duk lambobin guda biyar-biyar ne, a layin tsaye na gefe `=TEXT(A2,"00000")` tana maido su. Kuskuren da aka saba yi shi ne canza tsarin gurbin don sifirin ya bayyana a ido; a ciki lambar tana nan 401. In lambobin makarantarku dogaye ne, ka ƙara kula: Excel ba ta riƙe fiye da lamba 15, abin da ya wuce haka sifiri take mayar da shi, kuma babu fomular da za ta dawo da shi. Sai an sake shigo da fayil ɗin, an sa layin a matsayin `Text` tun daga farko.

6. Ka jera abin da ka samu kafin ka fara rubutu

Kada ka rubuta su yadda ka gano su. Ka kasa su uku. Wanda ya canza sakamakon ɗalibi shi ne gaba. Sai wanda bai taɓa maki ba. Sai wanda ba na juyi ba ne, wanda ke jiran wani. Kowane kuskure yana buƙatar abu huɗu: inda yake, abin da jadawali ya ce, abin da takarda ta ce, da abin da ka yi a kai. Dalilin faruwarsa ka faɗa a jimla ɗaya, in ka tabbata, don shi zai hana a maimaita a sauran azuzuwa. Kurakurai iri ɗaya ka haɗa su wuri guda, kada ka ba kowane gurbi sakin layinsa.

7. Ka rubuta saƙon

Jimlar farko bayan gaisuwa ta faɗi hukunci: a yi amfani da fayil ɗin ko a dakata. Mai karatu yana iya tsayawa a nan, to ya tsaya da abin da ya fi muhimmanci. Ga wanda na rubuta a kan misalinmu:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na duba jadawalin da ka turo, na gwada shi da takardar da malamin darasi ya sa wa hannu. Don Allah a dakata da fitar da sakamakon ajin tukuna, saboda wajen juyi an samu kurakuran da suka shafi ɗalibai 19 cikin 48. Duk lambar layin da na ambata ta fayil ɗin da ka turo ce.

Na farko, daga layi na 28 zuwa na 39 sunaye sun zame ƙasa da layi ɗaya, saboda sunan 00425 ya karye biyu. Ɗalibai 11 ne, 00426 zuwa 00436, makin kowa yana gaban sunan wani. Na mayar da su bisa rajista.

Na biyu, D41, D43, D44, D47 da D50 sun shigo a matsayin rubutu, jimla ba ta haɗa da su ba. Misali 00437, takarda 72, jadawali 29. Na sake buga su daga takarda.

Na uku, C12, ɗalibi 00411: jadawali 11, takarda 17. Jimlarsa 55 ce, ba 49 ba. Na gyara.

Na huɗu, 00408 da 00442, layi na 9 da na 46, ba su rubuta jarrabawar ba, amma an ba su jimla. Na cire jimlar, na sa wa gurbin launin rawaya har mu ji daga jami'in jarrabawa.

Waɗanda ba su taɓa maki ba: kanun shafi sun shigo a layi na 20 da na 40, na goge, sifirin gaban lambobin ɗalibai ya zube, na maido.

Akwai ɗaya da ba na juyi ba ne, ban taɓa shi ba. Ɗalibi 00415, layi na 16: takarda ta ce 24 da 41, amma jimla 56. Sai malamin darasi ya duba ya faɗa mana wanda ke daidai.

Na haɗo fayil ɗin da na gyara, `sakamako_gyara_1.xlsx`, yanzu ya ƙare a layi na 49. Ina roƙon ka gwada shafi na biyu da rajista da idonka, ka kuma duba sauran azuzuwan da aka juya ta wannan hanya, musamman masu dogayen sunaye. Wannan ajin kaɗai na duba. Na gode, Allah Ya taimaka."

Ka lura da 'yan abubuwa a ciki. Ban ce "ka yi kuskure" ba, na ce "an samu wajen juyi", kuma ba don lallashi ba ne, gaskiyar ke nan: manhajar ce ta karya sunan. Wanda ya ji ana tuhumarsa kare kansa zai fara, ba duba C12 ba. Ban sa sunan ɗalibi ko ɗaya ba, lamba ta isa, don saƙo yana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba. Saboda haka ma shi kaɗai za ka tura wa, ba zauren malamai ba. Na kuma faɗi iyakar abin da na duba. In ba ka faɗa ba, za a ɗauka duk azuzuwan sun wuce ta hannunka.

Ka guji kalmomi irin su "wasu", "da dama", "wajen tsakiya". Ka ƙirga ka faɗi adadi. Kafin ka tura, ka tara adadin da kanka: 11 da 5 da 1 da 2 sun ba da 19. In adadin da ke sama bai yi daidai da bayanin da ke ƙasa ba, abokin aikinka zai fara shakkar sauran.

In ta waya za ka tura, kada ka yayyanka shi guntu-guntu, ka tura shi dunƙule, fayil ɗin na biye. Hoton allo yana taimakawa a kan zamewar suna, amma ka ɗauka yadda lambobin layi za su fito, kuma hoto ba ya maye gurbin bayani. In kurakuran sun wuce goma, ka sa su a wani shafi cikin fayil ɗin, kowanne da layinsa, lambar ɗalibi, abin da jadawali ya ce, da abin da takarda ta ce, saƙon kuma ya tsaya a kan manyan. In kuwa ɓarnar ta kai kusan kowane layi, ka faɗa kai tsaye cewa sake bugawa da hannu ya fi gyara. Ɗalibai 48 da maki biyu-biyu gurbi 96 ne kawai.

8. Bayan amsa ta dawo

In malamin darasi ya faɗi makin 00415, ka sa ya gyara a takardar asali da hannunsa ya sa hannu a gefe, kafin ka canza a kwamfuta. Gyaran baki ba ya shiga jadawali. Sannan ka sake gwajin nan a fayil na ƙarshe, ko da abokin aikinka ya ce ya duba: layi ya ƙare a 49, `=COUNT(D2:D49)` ta ba da 46, bambancin jimla sifiri ne a ko'ina ban da layukan waɗanda ba su rubuta ba. Sai a sake lissafa matsakaici da matsayi daga farko, don na dā an gina su a kan jimlolin da suka ɓaci. Ka buga saƙon da ka tura, ka liƙa shi a bayan takardar asali tare da kwanan wata, ka sa su a fayil ɗin ajin.